Bayan maganarmu ta waya: aikin hotunan kayan Sallah, farashi da tsarin biya

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina kwana, ya kasuwa, ya kuma sanyin nan? Na gode da lokacin da kika ba ni jiya Litinin a waya. Ga abin da muka tattauna a rubuce, don kowa ya san inda ya tsaya kafin a fara.

Babban abin da na ji ya dame ki shi ne masu saye daga Abuja da Yamai suna mayar da kaya, suna cewa launin da suka gani a hoto ba shi ya iso musu ba. Na duba shafinki na Instagram, kuma na ga dalili. Ana ɗaukar hotunan ne a cikin shago ƙarƙashin ƙwan lantarki, shadda kuwa sheƙi gare ta, sai ta maido hasken, ruwan toka ya koma fari, ruwan goro ya koma ja. Saboda haka shawarata ita ce a ajiye batun shafin intanet zuwa bayan Sallah. Ko an buɗe shi, in da waɗannan hotunan ne, ƙorafin ba zai tsaya ba. A fara gyara hoto tukuna.

Zan ɗauki kaya 120, shadda da atamfa da leshi, kowanne hoto uku: ɗaya a ninke, ɗaya a shimfiɗe a ga zanen gaba ɗaya, ɗaya kuma dab da dab yadda mai saye zai ga saƙar kamar ya taɓa. Zan zo da fitilu na da farin ƙyallen baya, kuma duk hoton da na gyara sai na kara shi da yadin kansa kafin ya fita daga hannuna. Sai gajerun bidiyo takwas na tsaye, kowanne bai wuce daƙiƙa 30 ba. Daga nan in jera kayan a kundin WhatsApp Business ɗinki, da bayani da Hausa da farashin kowanne.

Ga kuɗin:

Hotuna, kaya 120 a kan ₦2,500 kowanne: ₦300,000
Bidiyo 8 a kan ₦20,000 kowanne: ₦160,000
Jera kaya da rubuta bayani: ₦60,000
Jimla: ₦520,000

Sufuri da hayar janareta suna ciki. Kuɗin tallar da za a biya Instagram ba ya ciki, haka ma ladan mai saka kaya idan kika so a ɗauki ɗinkakku a jiki. Kayan da suka ƙaru a kan 120 ɗin, ₦2,500 ne kowanne. Gyara sau biyu kyauta ne; abin da ya wuce haka sai mu yi magana kafin in taɓa.

Biyan kashi uku ne. Kafin alƙalami ₦208,000, wato kashi 40 cikin ɗari, zuwa Juma'a 9 ga Janairu. Da shi zan kama hayar kayan aiki in sallami yaron da ke taya ni. Na biyu ₦156,000 ranar da na miƙa hotuna, Litinin 26 ga Janairu. Ragowar ₦156,000 bayan kin ga bidiyo da kundin kin gamsu, Litinin 9 ga Fabrairu. Da zarar an cika, hotunan sun zama naki, ki yi amfani da su duk inda kike so. Roƙona kawai ki bar ni in nuna kamar goma daga ciki a matsayin samfurin aikina. In kuma wani uzuri ya sa aka fasa bayan an fara ɗauka, kafin alƙalamin ba ya dawowa, amma duk hoton da aka riga aka ɗauka zan gyara in ba ki.

Ɗaukar kwana uku ce, 12 zuwa 14 ga Janairu. Na fi son a yi a ɗakin ajiyarki na gida, don cunkoson Kantin Kwari da ƙurar hunturu ba za su bari mu shimfiɗa farin leshi cikin natsuwa ba. A ware kayan tun kafin ranar, kowanne da lambarsa da farashinsa a jiki, a kuma ba ni mutum ɗaya da ya san su.

Na matsa a kan ranakun nan ne saboda ana sa ran kama azumi wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, kuma kin fi ni sanin cewa teloli kan daina karɓar ɗinki tun azumi bai yi nisa ba. Mai sayen yadi da wuri yake saye.

Idan tsarin ya yi miki, ki amsa wannan saƙon zuwa jibi Alhamis, sai in turo takardar yarjejeniya da lambar asusu mu sa hannu. In akwai abin da kike so a rage ko a ƙara, ki kira ni bayan la'asar.

Allah ya ƙara buɗi. A gaida Alhaji da yaran shago.

Ƙaninki mai hoto,
Kano, Talata 6 ga Janairu, 2026