Shida Bisa Ashirin

Ranar Litinin Malama Bilkisu ta shigo aji rungume da takardun jinga, ta dire su a kan tebur, ta ce wa shugaban aji ya raba. Sa'adatu ba ta ko ɗaga kai ba, don ta san abin da ta rubuta. Shafi huɗu cur, da rubutunta mai kyau wanda tun a sakandare ake yabo, kuma maganar alƙalin Birtaniya Lord Atkin a kan maƙwabci, cewa dole mutum ya kula kada ya cutar da wanda aikinsa zai shafa, ta zuba ta daga ka, ko waƙafi ba ta bari ba. Da takardar ta iso hannunta sai ta ga 6 a cikin da'irar jan biro, ashirin a ƙarƙashinsa. A gefen shafi na biyu an rubuta: "Wace kotu ce ta ga dodon koɗin?" A ƙarshen shafi na huɗu kuma: "Ki same ni a ofis."

Ta kife takardar a kan cinyarta. Zainab da ke gefenta ta leƙo, ta ce, "Nawa?" Sa'adatu ta ce, "Bari kawai." Wannan ce shekararta ta farko a difilomar lauya, kuma tot ne darasin da ta fi so, domin shi ne ke magana a kan cutarwar da mutum zai yi wa wani da diyyar da za ta biyo baya, abin da kowa ke gani a unguwa kullum.

Tambayar jingar ba ta da tsawo. Hajiya Talatu tana yin kunun aya, tana sayar wa Malam Iro mai shago a jarka. Shi kuma yana ɗurawa a gorunan ruwa da aka riga aka sha, ya jera a firij. Musa ya sayi gora ɗaya ya ba abokinsa Bala, Bala ya sha rabi sai ya ga kyankyaso, daga baya ya kwanta asibiti da amai da gudawa. A ba Bala shawara: zai iya ƙarar Hajiya Talatu bisa sakaci?

Ofishin Malama Bilkisu ɗan ƙarami ne, fanka na juyawa a hankali, fayil-fayil har ƙasa. Ba ta yi faɗa ba. Ta nuna kujera, ta karɓi takardar, ta ce, "Sa'adatu, kin karanta shari'ar Donoghue v Stevenson?"

"Na karanta, Malama."

"A ina?"

"A handawut."

"Layi nawa ne a handawut ɗin?"

Sa'adatu ta yi shiru, sannan ta ce, "Kamar takwas."

"To, wa ya sayi lemon cittar?"

"Ita Misis Donoghue."

"Da ita ta saya, me zai hana ta kai ƙarar mai shagon bisa cinikin da ke tsakaninsu? Me ya kai ta har kamfani?" Malama ta ajiye biro. "Ba don kin rasa ƙwaƙwalwa kika faɗi ba. Kin haddace amsa, amma ba ki san tambayar da aka yi wa alƙalan ba. Ki je laburare ki nemi rahoton 1932, shafi na 562. Ki karanta daga farko har ƙarshe. Wannan makin ba zan canja shi ba, kada ma ki roƙa. Amma in kin sake rubutawa zan duba."

A cikin adaidaita sahu, a cunkoson Ƙofar Nassarawa, hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo, ta share da gefen hijabi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne kuɗin rajistarta daga zoɓon Umma ya fito, gora ɗaya bayan ɗaya.

Ta tarar da Umma a tsakar gida tana tace zoɓo a babban baho, ƙamshin kanumfari da citta ya cika ko'ina. Ta zauna ta ja mazurari tana taya ta ɗuri, ba ta ce komai ba, har Umma ta dube ta ta ce, "Wannan fuskar fa? Wa ya rasu?" Sai ta kwashe labarin duka ta faɗa, har da tambayar jingar, ta fassara mata ita da Hausa.

Umma ta ci gaba da murɗa murfin gora. "To, wa ya wanke gorunan?"

"Ba a faɗa ba."

"Shi mai shagon da yake ɗurawa, ido rufe yake ɗurawa? Kuma jarkar a buɗe ta kwana ko a rufe?" Ta ɗaga gora ɗaya a hasken yamma ta duba. "Ni shi ya sa ba na ba kowa a jarka. In na rufe da hannuna, duk abin da aka gani a ciki nawa ne, ba ni da bakin magana. Amma in ka juye a mazubinka, kada ka zo min da zance."

Sa'adatu ta tsaya da mazurari a hannu. A shafukanta huɗu, sau ɗaya tak ta ambaci sunan Malam Iro, shi ma a wurin maimaita tambaya.

Washegari tun kafin ƙarfe tara tana laburare. Kundin ya tsufa, bangonsa ya fara barewa, takardar ta yi ruwan ƙasa. Ta fara da bayanin abin da ya faru, tana bin layi da yatsa. A watan Agusta na 1928, a wani shagon shaye-shaye da ke garin Paisley a Sukotlan, wanda suke tare da May Donoghue ne ya biya kuɗin lemon cittar, ita ba ta fitar da ko kwabo ba. Ke nan babu ciniki tsakaninta da kowa. Kwalbar kuma mai duhu ce, ba a ganin cikinta, a rufe ta baro wurin David Stevenson, mai kamfanin lemon. Sai da aka juye ragowar ne, a faɗarta, ruɓaɓɓen dodon koɗi ya biyo.

A faɗarta. Sa'adatu ta koma ta sake karanta wurin. Ba a kira shaida ko ɗaya ba. Abin da aka kai gaban Majalisar Iyayen Ƙasa, kotu mafi girma a Birtaniya a lokacin, tambaya ce ta doka zalla: a ɗauka duk abin da matar ta faɗa gaskiya ne, shin doka ta ba ta hanyar ƙara? Ita kuwa a jingarta ta rubuta da gaba gaɗi cewa kotu ta tabbatar akwai dodon koɗi a kwalbar, ta ci kamfanin tara. Kunya ta kama ta ita kaɗai a lungun laburare.

Daga nan ta shiga jawabin alƙali na farko, Lord Buckmaster, kuma nan kanta ya ɗaure. Mutumin yana ta jero tsofaffin shari'u yana cewa matar ba ta da hujja, a kori ƙararta. Ta duba bangon kundin ko ta ɗauko wanda ba shi ba. Ta kusa rufewa ta tafi ta gaya wa Zainab cewa handawut ɗin ƙarya ne. Yunwa ce ma ta fara damunta, amma ta daure ta juya shafi, sai ga Lord Atkin. Sai da ta kai ƙarshe ta ƙirga da yatsu: Atkin da Thankerton da Macmillan sun goyi bayan matar, Buckmaster da Tomlin sun ƙi. Uku da biyu. Da a jawabin farko ta tsaya, da ta fita da kishiyar hukuncin tana rantsuwa a kai.

Maganar maƙwabci da ta haddace tana shafi na 580, ta gaishe ta kamar tsohuwar ƙawa. Amma jawabin bai ƙare a nan ba. Can a shafi na 599 Lord Atkin ya tattara abin da ya yanke a kan masu sarrafa kaya, ya kuma ɗaure shi da sharuɗɗa: mai kayan ya sayar da su ta yadda za a gane yana nufin su isa ga mai amfani a yanayin da suka bar hannunsa, kuma babu wata dama ta hankali da wani zai bincika su a tsakani. Ta kwafe jimlar a littafinta, ta ja layi biyu a ƙarƙashin maganar bincike a tsakani, ta rubuta a gefe da ƙananan baƙi: jarka, gora, Malam Iro.

Kwana uku ta yi tana sake rubutun. Wannan karon shafi biyu da rabi ne. Ta fara da cewa rashin ciniki tsakanin Bala da Hajiya Talatu ba zai hana shi ƙara ba, tunda ita ma Donoghue ba ita ta saya ba. Sannan ta nuna inda labaran biyu suka rabu: can kwalba ce rufaffiya mai duhu, nan kuwa kunu ya bar jarka ya shiga gorar da wani ya tanada, a gaban idon wanda zai iya gani. Ba ta wanke Hajiya Talatu gaba ɗaya ba, don in aka nuna tun daga gidanta kyankyason ya shiga, kuma ta san mai shagon ba ya tacewa, akwai sauran magana. Amma ta ce nauyin nuna hakan yana kan Bala, kuma ƙararsa a kan Malam Iro ta fi ƙarfi. Ta rufe da tambayoyi uku da ya kamata lauya ya yi wa Bala kafin ya je kotu. Biyu daga cikinsu na Umma ne.

Malama Bilkisu ta karanta a tsaye a bakin ofis, tana riƙe da makullin mota. Ta ce, "Wa ya taya ki?"

"Mahaifiyata ce ta tambaye ni wa ya wanke gorunan."

Malama ta yi dariya har ta dafa ƙofa. "Ki gaishe min da ita. Sakin layi na uku ya yi tsawo, kuma ba ki ce komai a kan yadda za a haɗa ciwon da kunun ba, wataƙila wani abu ya ci da safe. Amma yanzu kina magana kamar wadda ta shiga kotun." Shidan nan dai yana nan a rajista, bai motsa ba.

Bayan mako biyu aka zo kan shari'un Najeriya. Malama ta rubuta Nigerian Bottling Company v Ngonadi a allo, ta sa 1985 a gefe, ta juyo ta ce wa zai faɗi abin da ya faru. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce wata mata ce ta sha lemo ta tarar da ƙazanta a kwalba. Rabin aji suka gyaɗa kai, tunda sunan kamfanin lemo ne.

Sa'adatu ta ɗaga hannu, zuciyarta na bugawa. "Malama, babu kwalba a shari'ar. Firij ne mai aiki da kananzir, kamfanin ya sayar mata, ya yi bindiga ya ƙone ta. Kuma kamfanin ya kafa hujja da cewa ba shi ya ƙera firij ɗin ba, amma Kotun Ƙoli ta ɗora masa alhaki."

"Me ya sa ta ɗora masa, tunda ba shi ya ƙera ba?"

Sa'adatu ta buɗe littafinta tana neman wurin. Zainab ta matso da kujerarta, ta raɗa mata, "In an tashi ki jira ni, tare za mu laburaren."

"Muna jin ki," in ji Malama. "Ki tashi tsaye, na baya ba sa ji."