Sanarwar Neman 'Yan Kwangila: Haƙa Rijiyoyin Burtsatse a Ƙaramar Hukumar Ringim

Majalisar Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa, tana gayyatar kamfanonin da suka cancanta su nemi kwangilar haƙa rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana. An kasa aikin uku: kashi na 1 a mazaɓar Sankara, na 2 a Kyarama, na 3 a 'Yandutse. Kowace rijiya za ta zo da tankin sama mai cin lita 10,000, da kawunan famfo shida, da shinge. Wa'adin aiki mako 12 ne, domin jama'a su samu ruwa kafin zafin bazara ya kama.

Kamfanin da zai nema sai ya kasance ya haƙa irin wannan rijiya aƙalla uku cikin shekaru biyar da suka wuce, kuma yana da injin haƙa, nasa ko na haya da yarjejeniya a rubuce. Takardar ba da kwangila kaɗai ba ta isa shaida ba, a haɗo da ta kammala aiki, don za a je a ga rijiyoyin da ido.

Takardun da za a haɗo:
1. Shaidar rajista da hukumar CAC.
2. Shaidar biyan haraji ta 2022, 2023 da 2024.
3. Shaidar rajista da hukumar tantance kwangiloli ta Jihar Jigawa.
4. Takardun PenCom, ITF da NSITF waɗanda wa'adinsu bai ƙare ba.
5. Wasiƙar banki kan ƙarfin jarin kamfani, da lamunin banki na kashi 2 cikin 100 na farashin da aka sa.
6. Rantsuwar kotu cewa takardun na gaskiya ne, da bayyana ko wani ma'aikacin majalisa na da hannun jari a kamfanin.

Ana karɓar kundin kwangila a Sashen Ayyuka daga Litinin, 6 ga Oktoba, 2025, bayan biyan ₦20,000 kan kowane kashi. Ba a mayar da wannan kuɗi.

A sa bayanan aiki a ambulan ɗaya, farashi a wata, sannan a zuba su cikin babbar ambulan a liƙe. A gabanta a rubuta sunan aiki da lambar kashi, a bayanta sunan kamfani. A jefa ta cikin akwatin da ke ofishin Sakataren Majalisa, a sa hannu a rajista. Ba a karɓa ta imel.

Za a rufe ranar Alhamis, 13 ga Nuwamba, 2025, da ƙarfe 12:00 na rana. Ambulan ɗin da ta makara za a mayar wa mai ita a rufe. Nan take za a buɗe bayanan aiki a zauren majalisa, a gaban wakilan kamfanoni da ƙungiyoyin sa ido. Takardar jabu ko ɗaya ta isa a cire kamfani, kuma arhar farashi kaɗai ba ta tilasta wa majalisa ba da aiki.

Sa hannu:
Sakataren Kwamitin Ba da Kwangila
2 ga Oktoba, 2025