Takardar Tambayoyi kan Aikin Gida: Ɗaliban Aji 2 na Ƙaramar Sakandare

Ɗalibai, sannunku da ƙoƙari. Wannan takarda ba jarrabawa ba ce, ba maki a cikinta, kuma kada kowa ya rubuta sunansa. Mun lura littattafan aikin gida da yawa suna dawowa ba a taɓa su ba, musamman ranar Litinin, shi ya sa muke so mu ji daga bakinku kafin mu sake tsari a zango na 2. Ba za a hukunta kowa kan amsarsa ba. Cikewa ba za ta wuce minti 10 ba.

Ku tuna da makon da ya wuce kawai, daga Litinin zuwa Juma'a. A kowace tambaya a zagaye amsa ɗaya.

1. Kwana nawa aka ba ku aikin gida?
0 / 1 / 2 / 3 / 4 / 5

2. Kwana nawa kuka gama aikin kafin ku zo makaranta?
0 / 1 / 2 / 3 / 4 / 5

3. A ranar da kuka yi aikin, tsawon wane lokaci ya ɗauke ku?
Ƙasa da minti 15 / Minti 15 zuwa 29 / Minti 30 zuwa 59 / Awa 1 ko fiye / Ban yi ba

4. Yaushe kuka fi yin sa?
Da dawowa daga makaranta / Bayan Islamiyya / Bayan sallar isha'i / Da asuba / A aji kafin malami ya shigo / Ban yi ba

Na gaba jimloli ne. A zagaye lambar da ta dace da ku:
1 = Babu ko sau ɗaya, 2 = Kwana 1 ko 2, 3 = Kwana 3 ko 4, 4 = Kullum

5. Na fahimci abin da malami ya ce a yi. 1 2 3 4
6. Na sami wurin da ba hayaniya na yi aikina. 1 2 3 4
7. Rashin haske da dare ya hana ni aikin. 1 2 3 4
8. Aike, ɗiban ruwa, talla ko wanke-wanke sun cinye mini lokacin. 1 2 3 4
9. Na kwafi amsa daga littafin wani. (A faɗi gaskiya, mu ma mun yi aji 2.) 1 2 3 4
10. Malami ya duba aikin da na kawo. 1 2 3 4

11. Yaya kuka ga yawan aikin Lissafi?
Ya yi kaɗan sosai / Ya ɗan yi kaɗan / Daidai ne / Ya ɗan yi yawa / Ya yi yawa sosai

12. Idan aiki ya gagare ku, wa kuka fi tambaya?
Mama ko Baba / Yaya / Ɗan ajinmu ko 'yar ajinmu / Malami / Ba kowa

13. Wane abu ɗaya kuke so a canza game da aikin gida? Ku rubuta a bayan takardar, da Hausa ko da Turanci.

Wanda ya gama ya ninke takardarsa biyu ya jefa a kwalin da ke bakin ƙofa, ba sai ya miƙa wa malami ba. Mun gode, Allah ya ba da sa'a.

Kwamitin Malaman Aji 2