Darasin Lissafi, Aji Uku: Girman Ciki da Filin Jiki

Ɗalibai, ku fara riƙe bambancin nan. Mai sayar da ruwa so yake ya san lita nawa duro zai ci, wannan shi ne girman ciki. Mai walda kuwa tambayarsa ita ce falan ƙarfe nawa zai yanka, wato filin jiki. Na farko ana rubuta shi da cm³ ko m³, na biyu da cm² ko m². Wanda ya kawo mini lamba tsirara babu ma'auni, rabin maki ya tafi.

Mu ɗauki akwati mai tsawon 60 cm, faɗi 40 cm, tsayi 30 cm. Girman cikinsa 60 × 40 × 30 = 72,000 cm³. Tunda 1,000 cm³ ne lita ɗaya, lita 72 ke nan. Fuskokinsa shida ne, bibbiyu iri ɗaya, don haka filin jikinsa 2 × (2,400 + 1,800 + 1,200) = 10,800 cm².

Silinda ita ce siffar duro da gwangwanin madara. A nemo filin da'irar gindi, a ninka da tsayi: V = πr²h. A nan ake yawan tuntuɓe, domin r rabin faɗin baki ne. Duro mai faɗin baki 56 cm da tsayi 85 cm, r ɗinsa 28 cm ne. Gindi: 22/7 × 28 × 28 = 2,464 cm². Ninka da 85, za ka samu 209,440 cm³, kusan lita 209. Da ka sa 56, da amsarka ta ninka sau huɗu, duro ya koma tanki.

Jikinsa fa? Ɓare takardar jikin gwangwani ka shimfiɗa, za ka ga mai kusurwa huɗu ce: tsawonta kewayen baki, 2πr = 176 cm a duronmu, faɗinta tsayin duron. 176 × 85 = 14,960 cm². Ƙara gindi da murfi, 19,888 cm². In an yanke murfin, kamar yadda ake yi wa duron ruwa a gida, gindi kaɗai za a ƙara: 17,424 cm².

Mazurari da dala sukan ci sulusin silinda ko akwatin da suke da gindi da tsayi ɗaya da shi. Ƙwallo kuwa V = 4/3 πr³, filin jikinta 4πr².

Wajen sauya ma'auni ku yi hattara. Mita ɗaya 100 cm ce, amma 1 m² = 10,000 cm², sannan 1 m³ = 1,000,000 cm³, wato lita 1,000.

Aikin gida, a kawo ranar Litinin: tankin ƙasa mai tsawon 2 m, faɗi 1.5 m, zurfi 80 cm. Jarka nawa mai lita 25 za ta cika shi? Murabba'in mita nawa za a shafe da siminti, bango huɗu da daɓe? Ku dubi zurfin nan da kyau kafin ku fara ninkawa.