Takardar miƙa aiki: sabar imel

Salamu alaikum ƙanena, ran Alhamis zan koma Yamai, shi ya sa na ce bari in rubuta maka wannan tun kaina na nan. Kalmomin sirri duka suna cikin ambulan da na ba darakta, kar ka tura su ta waya don Allah.

DNS ba ya da wuya. MX yana nuna `mail`, akwai SPF da DKIM da DMARC, na bar TTL a 3600, in za ka canza IP ka fara sauke shi zuwa 300 tun ana gobe. Amma PTR ba a hannunmu yake ba, yana wurin masu ba mu intanet, sai ka kira su, in bai dace da sunan sabar ba Gmail zai riƙa maido mana da saƙonni.

Satifiket na Let's Encrypt ne, kwana 90 yake yi, certbot ke sabunta shi da kansa in saura kwana 30, amma sai ƙofa 80 tana buɗe. Nan ne na sha wuya bara da azumi, satifiket ya sabunta lafiya lau amma Dovecot na riƙe da tsohon don ba a sake loda shi ba, da safe na iso biro na tarar da mai kula da kuɗi tsaye bakin ƙofata da waya a hannu, albashi na jira imel ya ƙi buɗewa. Yanzu na sa certbot ya riƙa sake loda Dovecot da kansa, duk da haka farkon kowane wata ka gwada:

```
certbot renew --dry-run
systemctl reload postfix dovecot
```

To ajiya, ita ce ta fi damuna wallahi. Kullum ƙarfe 2 na dare rsync na kwashe `/var/vmail` da `/etc` zuwa diskin da ke kan kabad, makullin DKIM na ciki. Sai dai sabar da diskin ɗaki ɗaya suke, in wuta ta tashi ko ruwan Agusta ya shigo ta rufi duka sun tafi, shi ya sa akwai diski na biyu mai jan tef, duk Juma'a kafin masallaci ka kwafa a kai ka kai shi ofishin darakta. Kuma kar ka yarda da ajiyar da ba ka taɓa maido da ita ba, wata-wata ka ɗauki akwatin mutum ɗaya ka maido shi wani wuri ka buɗe ka gani da idonka. In an ɗauke wuta cikin dare batir minti 20 kawai yake riƙewa, da safe ka duba `/var/log/backup.log`.

Lokacin hunturu ka riƙa hure ƙurar fanka, da bazara kuma kar a kashe na'urar sanyin ɗakin. Lambata ba ta canza ba, ko tsakar dare ne ka kira ni. Allah ya ba ka sa'a.

Yayanka