Tambayoyin gwaji na Asabar: mafi munin yanayi ko matsakaici?

Assalamu alaikum, 'yan ajinmu na Agege. Ga tambayoyin wannan makon, guda takwas. A ba su minti 12, a ajiye waya a gefe, kuma kada wanda ya leƙa amsa kafin ya gama.

A allon jarrabawa za ku ga `worst case`, `average case`, `best case` da `amortized`. A nan zan kira su mafi munin yanayi, matsakaicin yanayi, mafi kyawun yanayi da lissafin rarrabawa. Na duba takardunku na makon jiya, kusan duk makin da ya zube ba daga rashin karatu ba ne. Ido ne ke tsalle ya faɗa kan sunan da ya sani, hannu ya danna amsar da aka haddace, alhali kalmar da ke juya tambayar tana zaune a tsakiyar layi ba a kula ta ba.

1. An zuba makullai n a `hash table` mai warware karo ta hanyar sarƙa, wato kowane gurbi yana riƙe da `linked list`. Neman makulli ɗaya a mafi munin yanayi zai ci:
A. O(1)
B. O(log n)
C. O(n)
D. O(n log n)

2. Wani `quicksort` yana ɗaukar lambar farko a matsayin turke, wato `pivot` da ake raba sauran lambobin a kansa, kowane zagaye. An ba shi lambobi 1,000 mabambanta, an riga an jera su daga ƙarama zuwa babba. Kwatanci nawa zai yi?
A. 999
B. wajen 11,000
C. 1,000,000
D. 499,500

3. Wanne ne gaskiya game da `binary search tree` mai makullai n?
A. Nema ba ya taɓa wuce O(log n)
B. Nema zai iya kaiwa matakai n
C. Zuba makullai a jere shi ke ba da bishiya mafi gajarta
D. Sakawa O(1) ce a matsakaicin yanayi

4. Jeri mai faɗaɗa kansa yana ninka girmansa duk lokacin da ya cika. Mene ne mafi munin kuɗin kira ɗaya tak na `append`?
A. O(n)
B. O(1)
C. O(log n)
D. O(n²)

5. Ana neman abu bi da bi a jeri mai abubuwa n. Abin yana ciki, kuma kowane gurbi damarsa ɗaya da ta saura. Wanne ne daidai?
A. Matsakaici Θ(log n), mafi muni Θ(n)
B. Matsakaici Θ(1), mafi muni Θ(n)
C. Matsakaici Θ(n), mafi muni Θ(n)
D. Matsakaici Θ(n), mafi muni Θ(n²)

6. Wanne daga cikin waɗannan ne ba ya ba da tabbacin O(n log n) a mafi munin yanayi?
A. `merge sort`
B. `heapsort`
C. `quicksort` mai zaɓen turke da ƙuri'a
D. zuba lambobin a bishiyar AVL, sannan a karanto su a jere

7. Wace magana ce ƙarya game da `insertion sort`?
A. Mafi munin yanayinsa Θ(n²) ne
B. Mafi kyawun yanayinsa O(n²) ne
C. Mafi kyawun yanayinsa Θ(n) ne
D. Lokacinsa Θ(n²) ne a kan kowane jeri

8. `binary search` a kan jeri mai abubuwa 1,000 da aka riga aka tsara. A mafi munin yanayi gurabe nawa zai duba?
A. 1
B. 10
C. 500
D. 1,000

Amsoshi

1: C. Kowa ya haddace O(1), kuma gaskiya ce, amma ta matsakaicin yanayi ce, lokacin da makullai suka bazu cikin gurabe yadda ya kamata. In suka taru a gurbi ɗaya, teburin ya koma sarƙa guda mai tsawon n, sai an bi ta ɗaya bayan ɗaya. Kamar a tambaye ka ne minti nawa daga Agege zuwa Oshodi a danfo. Amsar da za ka bai wa abokin hira daban, wadda za ka yi lissafi da ita ranar da kake da intabiyu ƙarfe tara, ga hadari ya haɗo, ita ma daban.

Wanda ya zaɓi B saboda Java, na san inda ya samo ta. Tun daga Java 8 a 2014, `HashMap` kan mai da gurbin da sarƙarsa ta yi tsawo ya zama bishiya, don nema ya sauko O(log n). Sai dai tambayar ta ce `linked list` ƙarara, ba ta ambaci Java ba. A amsa abin da aka tambaya.

2: D. Wannan ita ta fi kayar da mutane, domin babu "mafi muni" ko "matsakaici" a cikinta ko sau ɗaya. An siffanta maka bayanan ne kawai, an bar ka ka gane da kanka a wane yanayi kake. Turken farko shi ne mafi ƙanƙanta, don haka ba ya raba komai: ɓangaren hagu fanko, na dama 999. Zagaye na biyu haka, na uku haka.

```
999 + 998 + ... + 1 = 1000 * 999 / 2 = 499500
```

B ita ce amsar da za ta dace da an hautsina lambobin, shi ya sa aka ajiye ta nan tana jiran mai sauri. A kuwa ta mai tunanin "ai an riga an jera, aiki ya ƙare" ce. Wannan halin `insertion sort` ne. Shi `quicksort` na Tony Hoare, in an ɗaure shi da turken farko, jerarren abu ne babban makiyinsa.

Ni ma irin wannan ce ta taɓa cin ni, a gwajin neman aiki na wani kamfani a Yaba. Na ga sunan, na danna n log n, na wuce ina murmushi. Sai ina cikin mota a hanyar gida, wajen Ikeja, kalmar "jerarre" ta faɗo mini. Ba su sake kirana ba.

3: B. Ba a ce bishiyar mai daidaita kanta ba ce. Zuba mata 1, 2, 3, 4, 5 a jere, kowanne zai rataya a hannun daman na gabansa, bishiya ta koma gora. Da an ce AVL, wadda Adelson-Velsky da Landis suka fitar a 1962, da A ta zama gaskiya. Ku kiyayi "ba ya taɓa", "kullum" da "ko da yaushe". Duk inda suka fito, mafi munin yanayi ake nufi ko ba a kira sunansa ba.

4: A. A nan zan ɗan daɗe, don na lura da yawanku kuna ɗaukar lissafin rarrabawa da matsakaicin yanayi abu ɗaya ne.

Ku tuna kuɗin haya a garin nan. Mai gida na karɓar na shekara a dunƙule. In ka raba shi gida 12, abin da ya hau kan kowane wata bai taka kara ya karya ba, kuma wannan rabon ba sa'a ba ce, lissafi ne tabbatacce. Amma watan biya, ai aljihu ya san an taɓa shi. Haka jerin yake. Fara da gurbi ɗaya ka yi ta ninkawa: kafin ka saka abubuwa 1,024, duk kwafin da aka yi jimlarsa 1 + 2 + 4 har zuwa 512, wato 1,023. Kowace sakawa ba ta kai kwafi ɗaya ba in an raba. Shi ne O(1) na rarrabawa. To amma sakawa ta 1,025 ita kaɗai za ta kwashe abubuwa 1,024 zuwa sabon wuri. Tambayar ta ce "kira ɗaya tak", watan biyan haya take nufi.

Bambancinsa da matsakaicin yanayi shi ne, matsakaici yana dogara da zato kan irin bayanan da za su zo, kamar zaton cewa yau babu gosulo. Mugun bayani zai iya rushe shi. Shi rarrabawa babu zato a cikinsa: kowane irin jerin sakawa n ka kawo, jimlar aikin O(n) ce. Da tambayar ta ce "jimlar kuɗin sakawa n a mafi munin yanayi", amsar O(n) ce ga dukansu gaba ɗaya, ba O(n²) ba, duk da kalmar "mafi muni" na nan.

5: C. Matsakaici (n + 1)/2 ne, mafi muni n. Rabi ne a lissafi, amma Θ ba ta ganin rabi. Ba dole ne yanayin biyu su bambanta ba.

6: C. "Ba ya" ɗin nan ya ci mutum huɗu makon jiya a wata tambaya mai kama da wannan. Ƙuri'a tana sa ya yi wuya ƙwarai a faɗa wa n², kuma babu wani jeri takamaimai da za a ce shi ne ke karya shi kullum. Abin da ake sa rai O(n log n) ne, a allo za ku ga `expected`. Amma sa rai ba tabbaci ba ne, ƙuri'a na iya faɗawa kan mafi ƙanƙanta sau bayan sau. Sauran ukun ba ruwansu da sa'a. Saboda wannan gibin ne David Musser ya kawo `introsort` a 1997: a fara da `quicksort`, in zurfin ya yi yawa a juya zuwa `heapsort`.

7: D. Na san yawancinku B kuka zagaye, har ma wani zai zo mini da gardama ranar Asabar. Bismillah, a zo. O ba ta nufin "mafi munin yanayi". Rufi ce kawai, tana cewa abin bai wuce nan ba. Yanayi shi ke faɗin wane irin bayani ake magana a kai, O da Θ kuma su ke auna girman aikin a wannan yanayin. Abubuwa biyu ne, ana iya haɗa kowanne da kowanne. Mafi kyawun yanayin `insertion sort` matakai kusan n ne, kuma n bai wuce n² ba, don haka B gaskiya ce, ko da rufin ya yi nisa da kai. Wanda ya ce kuɗin mota daga Agege zuwa Ikeja bai kai miliyan ba, bai yi ƙarya ba, bai dai amfane ka da komai ba. D kuwa ta yi amfani da Θ, wadda ke ɗaure sama da ƙasa, sannan ta ce "kowane jeri". Jerarren jeri ɗaya ya isa ya ƙaryata ta.

8: B. Na sa ta ƙarshe da gangan. Bayan tambayoyi bakwai, ido ya fara tsorata, yana ganin "mafi muni" sai ya nemi lamba mafi girma. Kowane dubawa yana yanke rabi: 1,000 ya koma 500, 250, 125, 62, 31, 15, 7, 3, 1. Ƙirga su, goma ne. C kuwa kusan matsakaicin nema bi da bi ce, an aro ta daga tambaya ta 5.

Wanda ya faɗi 2, 4 ko 7 ya rubuto mini a takarda kalmar da ta kayar da shi a cikin tambayar, ya zo da ita. Asabar bayan La'asar ne kamar kullum, a saman shagon. In babu wuta za mu yi a allo, don haka kowa ya taho da biro.