Jawabi Ga Taron Ƙungiyar 'Yan Kasuwa a Kantin Kwari: Abin Da Tallar Intanet Za Ta Iya Yi Mana Da Abin Da Ba Za Ta Iya Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe Shugaba, dattawan ƙungiya iyayenmu, hajiyoyi iyayenmu mata, yayye da ƙanne, barkanmu da war haka. Na san kowa ya bar shago a hannun yaro, ba zan ja ku da nisa ba.

Shugaba ya ce in zo in yi bayani ne saboda koken da ya yawaita a ofis. Wani ya ba wani saurayi dubu hamsin don ya sa masa kaya a Facebook, ko turmi ɗaya bai sayar ba. Wani kuma yana jin labarin wata baiwar Allah da ke zaune a ɗakinta a Hotoro tana tura leshi Legas da Fatakwal ta waya, ya ce lallai akwai wani sirri da ake ɓoye masa. Tsara irin wannan talla ita ce sana'ata, a cikinta nake ci nake sha, don haka da na bi son raina da cewa zan yi kowa ya kawo kuɗi. To amma gobe ma a layin nan za mu haɗu.

Mu fara raba abu biyu da ake cakuɗawa. Idan ka ɗauki hoton shadda ka ɗora a shafinka ko a WhatsApp ɗinka, wannan kyauta ne, kuɗin data kawai ka kashe, kuma galibi waɗanda suka riga suka san ka ne za su gani. Talla ta kuɗi ita ce wadda za ka biya kamfanin ya kai hoton gaban mutanen da ba su taɓa jin sunanka ba. Ita ce kuke gani an rubuta Sponsored a kanta. Facebook da Instagram da WhatsApp duk na kamfani ɗaya ne, Meta. Google da YouTube gida ɗaya ne. TikTok kuma daban yake.

Yadda abin ke tafiya, gwanjo ne. Duk sanda wata mata a Kaduna ta buɗe Instagram, akwai masu talla da yawa da ke son idonta ya faɗa kan kayansu. A cikin ƙiftawar ido na'urar kamfanin ke zaɓar wanda za a nuna mata, tana duba kuɗin da kowa ya ware da kuma yadda take hasashen matar za ta tsaya ta kalla. Shi ya sa babu tsayayyen farashi. Gab da Sallah masu talla sun yi yawa, abin ya yi tsada. Akwai kuma harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kai.

Kun san yaran da ke tsayawa a bakin layi suna "Hajiya me ake nema? Akwai sabon kaya a ciki." To aikin tallar intanet ke nan, sai dai ita muryarta tana kaiwa Abuja, Maraɗi, Yamai, har ga 'yan uwanmu da ke Saudiyya. Amma ku lura da bambanci guda, a nan kuɗin mutane ke salwanta. Yaron bakin layi sai an yi ciniki yake samun lada. Kamfanin talla kuwa, da zarar ya nuna hotonka ko an latsa, ya ci kuɗinsa, ko an saya ko ba a saya ba.

Abin da take iyawa, tana iyawa sosai. Za ka iya cewa a nuna wa mata kawai, 'yan shekara 25 zuwa 50, mazauna Abuja da Kaduna. Za ka iya farawa da kuɗi kaɗan, ka kalli abin kwana uku, idan ba ka ga alama ba ka tsayar. Allon talla na kan titi ba ya ba ka wannan damar. Za ka iya sa hoto biyu, ɗaya an shimfiɗa atamfar, ɗaya an ɗinka an sa, ka ga wanne ya fi jawo magana. Wadda ta fi dacewa da irin kasuwancinmu ita ce wadda idan mutum ya latsa, kai tsaye ya faɗo cikin WhatsApp ɗinka ku yi ciniki baki da baki. Mutanenmu ba su saba saye ba tare da tayi ba.

Yanzu ga lissafi, ku riƙe shi, don ya fi duk abin da zan faɗa amfani. Misali ne nake bayarwa. Mu ɗauka ka kashe dubu 20, mutum 40 suka yi maka magana. Kowane mutum ya tsaya maka a naira 500 ke nan. Cikin arba'in ɗin, da yawa "nawa ne" za su ce, ka faɗa, ka ji tsit. Wasu su ce a turo wasu kaloli, ka kwashe rabin awa kana turawa, a ce "zan yi shawara da Maigida." A ƙarshe mutum huɗu suka saya. Kowane mai saye ya ci maka dubu 5. Idan ribarka a turmi 1,500 ce, kuma turmi ɗai-ɗai suka ɗauka, ka samu dubu 6, ka kashe dubu 20. Ka faɗi, duk da cewa wayarka ta wuni tana ƙara. Amma idan cikin huɗun nan akwai mai haɗa lefe, ko ɗan sari daga Gombe da zai riƙa ɗaukar turmi ashirin duk wata, to ka ci riba har da ta gaba. Tallar iri ɗaya ce, kuɗin ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne irin kayan da kuma ko mai sayen zai dawo.

Saboda haka idan mai yi maka talla ya zo yana nuna maka waya, "Alhaji duba, mutum dubu talatin sun gani," ka ce masa madalla, nawa ne suka yi magana, nawa ne suka turo kuɗi? Ka sa yaronka ya buɗe littafi, duk baƙon da ya yi magana a tambaye shi a ina ya gan ku, a rubuta. Masu sayen mabiya na bogi don shafi ya cika ido kuwa, wannan asara ce tsagwaronta, ba zan ɓata lokacinku a kai ba.

Sai abin da ba ta iyawa. Ba ta gyara farashi. Wanda ya ga kayanka a waya, a cikin minti ɗaya zai ga na maƙwabcinka. Ba ta sa a taɓa kaya. Ku da kanku kun san mai sayen shadda sai ya murza ta a yatsa, ya ɗaga ta a haske, wani har ya shinshina. Hoto ba ya ba shi wannan. Kuma ina roƙonku, ku daina ɗaukar hoto a ƙarƙashin farar fitilar shago ana ƙara masa kala. Leshi ruwan toka ya koma shuɗi a waya, ya isa Jos, Hajiya ta buɗe leda ta ga ba shi ba ne. Ba za ta yi shiru ba, a zauren WhatsApp na 'yan bikinsu za ta faɗa, da sunan shagonka. Ku fito da kaya bakin ƙofa da hantsi, a ɗauki bidiyo gajere, a juya shi gaba da baya, mai shago ya faɗi sunan kayan da yadi nawa ne da bakinsa, da Hausarsa. Wannan ya fi hoton da aka kwafo daga shafin kamfani.

Ba ta amsa waya. Mutum ya yi magana ƙarfe tara na dare, kai sai gobe bayan Azahar za ka duba, ya riga ya saya a wani wuri, kuɗin da ka biya don kawo shi kuma ya tafi. Ba ta kai kaya tasha, ba ta san direban da zai riƙe amana ba. Ba ta kare ka daga alat na bogi: kada kaya su bar shago sai ka ga kuɗi a cikin asusunka da idonka, hoton rasit ba shaida ba ne. Sannan ba ta san lokaci ba, kai ne ka sani. Wanda ya fara tallar yadin Sallah a goman ƙarshe na azumi ya makara, teloli sun rufe karɓar ɗinki.

Kuma ba kowa ne kwastomansa ke cikin waya ba. Wanda ke sayar wa 'yan kasuwar ƙauye da ke zuwa da sassafe su yi sari su koma kafin La'asar, rediyo da kiran waya da kyakkyawar mu'amala sun fi yi masa aiki. Ɗan uwanmu da ke sayar da tumatir a Yankaba ko buhun masara a Dawanau, lissafinsa daban ne da na mai leshi.

Ku tuna kuma waɗannan shafuka gidan aro ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A shekarar dai gwamnati ta dakatar da Twitter tun daga Yuni har Janairun 2022, aka kuma katse layukan waya a Zamfara na wani lokaci saboda matsalar tsaro. Kamfanin da kansa yana iya rufe shafinka, ba ka da ofishin da za ka je a Kano ka kama wani. Lambar duk wanda ya taɓa saye a wajenka, a rubuta ta a littafi.

Kan doka, a taƙaice: akwai hukumar ARCON da ke kula da talla a ƙasar nan, dokarta ta 2022 ta haɗa da na intanet. Masu mayukan shafawa da magunguna da kayan abinci, NAFDAC ma tana da ta cewa, kada ku yarda a rubuta cewa kayanku na warkar da ciwo. Masu saƙa sunan babban kamfani a kan kwaikwayo, hanya mafi sauri ke nan ta rasa shafi.

Ga shawarata ga ƙungiya. Kafin kowa ya kashe sisi, ya sauke WhatsApp Business, kyauta ne, ya jera kayansa da farashi. Ya sa shagonsa a Google Maps, shi ma kyauta ne. Ya kunna Two-step verification, wato ƙarin makullin tsaro na WhatsApp ɗinsa, kuma lambar nan mai alƙaluma shida da ake turowa, ko ɗanka ne ya kira ya ce ka karanto masa, kada ka karanta. Saƙon da ke cewa za a rufe shafinka cikin awa 24 sai ka latsa wani wuri, ɓarayi ne. Idan za ka ba wani ya yi maka talla, shafin ya kasance da sunanka da lambarka, a raba kuɗin aikinsa da kuɗin da za a ba kamfani, ya buɗe Ads Manager a gabanka ka ga abin da aka kashe. Ka fara da kuɗin da in ya tafi ba zai taɓa jarinka ba, kaya iri ɗaya, gari ɗaya ko biyu, mako ɗaya, sannan a zauna da littafi.

Ranka ya daɗe, na roƙi Sakatare ya ba ni kujera a ofishin ƙungiya ranar Asabar daga ƙarfe goma zuwa Azahar. Duk mai so ya zo da wayarsa da yaron da ke riƙe masa ita, mu duba tare, ba sai an biya komai ba. Yanzu kuma na ga Alhaji a can baya tun ɗazu yana ɗaga hannu. Bismillah Baba, muna saurare.